Bil ɗin wuta na kintace: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake sa kamfani ya karanta mita ya gyara lissafi

Yawancin masu zuwa ofishin wuta da ƙorafi da magana ɗaya suke shiga: "Kuɗin nan ya yi yawa." Ma'aikacin da ke zaune a teburin ya ji wannan magana sau hamsin kafin azahar, kuma babu abin da zai iya rubutawa a kanta. Abin da ke motsa takarda shi ne mutum ya ce, "Kun caje ni yunit kaza, mitata kuwa yunit kaza ta nuna, ga hoto ga kwanan wata." Amsoshin da ke ƙasa duk a kan wannan suke tafiya, kuma sun shafi masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta na Najeriya, irin su KEDCO mai kula da Kano, Katsina da Jigawa, da Kaduna Electric mai kula da Kaduna, Sakkwato, Kabi da Zamfara, da sauran takwarorinsu na Jos, Yola da Abuja.

Mene ne bil ɗin kintace, kuma wa ake yi wa shi?

Bil ne da ba a ɗauko adadin wutar da ke cikinsa daga mita ba, ƙiyasta shi aka yi. Mutane iri biyu ne ke samunsa, kuma maganin kowannensu daban. Na farko shi ne wanda yake da mita irin ta karantawa, wadda ake shan wuta a biya daga baya, amma ba a zo an karanta ta ba, aka zauna a ofis aka rubuta masa wani adadi. Na biyu shi ne wanda ba shi da mita sam, an ja masa waya kai tsaye daga fal. Mai mitar kati ba ya cikin wannan lissafi, sai fa idan mitarsa ta lalace aka cire ta aka mayar da shi kan bil.

Na farkon shi ya fi samun sauƙi, domin shaidarsa tana manne a jikin bangonsa. Mita ba ta daina ƙirga don an ƙi duba ta.

Ta yaya zan gane cewa kintata mini aka yi?

Ɗauko bil ka duba gurabe biyu, Previous Reading da Present Reading, wato karatun baya da na yanzu. Idan an karanta mita da gaske, in ka cire na farko daga na biyu za ka sami adadin yunit ɗin da aka caje ka. Sai ka fita da takardar ka tsaya gaban mitar. Idan lambar da ke kan takarda ta wuce wadda ke fuskar mita, to babu sauran gardama, an rubuta maka wutar da ba ka sha ba tukuna. Wani lokaci guraben biyu babu komai a cikinsu, ko lamba ɗaya ce take ta maimaituwa wata da watanni alhali ana ta cajin yunit. Wasu takardun kan sa harafin E kusa da adadin, alamar ƙiyasi ne.

Akwai kuma alamar da ba ta buƙatar karatu. Gida ba ya shan wuta daidai wa daida kowane wata. Watan Afrilu da fanka da firji ba sa hutawa ba zai zo ɗaya da watan Janairu na hunturu ba. Bil ɗin da yake kawo yunit 320 cif a watan zafi, 320 a watan sanyi, har da watan da taransifomar unguwa ta yi sati biyu a ƙone, wannan ba mita ce ta faɗe shi ba.

Doka ta yarda a yi ta kintata wa mai mita har illa ma sha Allahu?

A'a. Ƙa'idar hukumar NERC, wadda ke sa ido kan harkar wutar lantarki a ƙasar, ta ɗora wa kamfani karanta mita aƙalla sau ɗaya a cikin kowane wata uku. Ana iya yin ƙiyasi a tsakani, misali idan mai karatu ya zo ya tarar da gida a kulle, amma da zarar an sami karatu na gaskiya wajibi ne a daidaita lissafin a kansa. Saboda haka in mitarka tana cikin zaure ko cikin gida inda baƙo ba ya shiga, ka san cewa hujjar farko da za a ba ka ita ce "mun zo ba mu sami shiga ba". Toshe wannan ƙofa tun da wuri: ka rubuta ranar da za a same ka da lambar wayarka a cikin takardar ƙorafi.

Yaya ainihin lissafin daidaitawar yake?

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani tela ne mai shago, yana da keken ɗinki biyu masu amfani da wuta, da dutsen guga, da fanka, da ƙwan fitila uku. Karatu na ƙarshe da aka yi masa na gaskiya, ranar 3 ga Maris, ya nuna 14,210. Daga nan mai karatu ya ɗauke ƙafa, bil kuwa bai fasa zuwa ba: yunit 320 kowane wata har wata shida. Domin sauƙin lissafi mu ƙaddara kuɗin yunit ɗaya naira 60 ne, kai kuma ka sa farashin da ke kan takardarka. Da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, yunit ya koma naira 64.50, bil ɗin wata ya zama naira 20,640. Telan ba ya iya biyan wannan, sai yake kai 12,000 duk wata don kada a zo masa da tsani.

Ranar 3 ga Satumba ya duba mita ya ga 15,050. Cire 14,210 daga ciki, saura 840. Wannan ita ce duk wutar da ya sha a wata shida, wato kimanin yunit 140 a wata. Kamfani kuwa ya rubuta masa 320 sau shida, 1,920 ke nan. Rarar da aka ɗora masa yunit 1,080 ce, wadda kuɗinta ya kama naira 69,660.

Yanzu dubi yadda labarin ya juya. A littafin kamfani an caje shi 123,840, ya biya 72,000, ana binsa 51,840, kuma wannan bashin ne ake yi masa barazanar yanke wuta a kansa. A bisa mita kuwa, abin da ya sha 54,180 ne kawai. Tunda ya riga ya biya 72,000, shi ne ma yake bin kamfani naira 17,820. Mutumin da yake sunkuyar da kai idan ya hango motar 'yan wuta, ashe wutar kusan wata biyu ya biya a gaba bai sani ba.

Abu ɗaya kan ɗan rikita lissafin, shi ne idan farashi ya canza a tsakiyar watannin. Misali a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin masu rukunin A, wato layukan da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Wanda watanninsa suka ratsa irin wannan canji kada ya yarda a auna masa duka yunit ɗin da sabon farashi. Sai a raba su bisa kwanaki, na kafin canji a lissafa da tsohon farashi, na bayansa da sabo.

Ba zai yiwu karatun ya juyo kaina ba?

Zai yiwu ƙwarai, shi ya sa ake yin lissafi a gida kafin a tafi ofis. Idan ƙiyasin da ake yi maka bai kai abin da kake sha ba, ranar da aka karanta mita duk ragowar za ta faɗo cikin bil ɗaya. Gidan da aka ƙaro firiza da injin jan ruwa da hita bayan karatun ƙarshe ya fi kowa shiga wannan hali. Idan haka ta faru bashin na gaskiya ne, abin da ya rage shi ne neman a rarraba biyansa wata-wata, a rubuce.

Sai a kula da kuskuren karatu, domin yana cutar kowane ɓangare. Lambar ƙarshe a tsofaffin mitoci, wadda takan zo cikin jan gurbi ko bayan ɗigo, ɓangaren yunit ce, ba a haɗa ta da sauran. Wanda ya karanta 1505.0 a matsayin 15050 ya ninka abin sau goma. Mitoci masu allo kuma suna jujjuya lambobi iri-iri, har da kwanan wata da ƙarfin wuta, don haka a jira wadda kWh, wato alamar yunit, ke gefenta. Manyan wurare kamar injin niƙa ko masana'anta suna iya samun mitar da ake ninka karatunta da wata lamba da ke kan bil, su ba a cirewa kawai a tsaya.

Me zan tanada kafin in je?

Hoton mita shi ne kan gaba, kuma hoto ɗaya ya nuna lambar mitar da karatunta tare, domin kada a ce ta maƙwabci ka ɗauko. Idan za ka iya, ɗauki hoto yau, ka sake ɗauka bayan kwana bakwai. Bambancin zai nuna abin da kake sha a mako, ya kuma tabbatar da cewa mitar tana tafiya. Sannan ka tattaro bil-bil ɗinka tun daga na ƙarshe da aka yi bisa karatun gaskiya, da rasit na duk abin da ka biya, ko saƙon banki idan ta waya ko wurin mai POS ka biya.

Ka gwada lambar mitar da ke bango da wadda ke kan bil. Yakan faru a gidajen haya da jerin shaguna a ɗaura mitar wani a asusun wani, mutum ya shekara yana biyan wutar mai walda na kusa da shi.

Kofi za ka miƙa, na asali ya zauna a hannunka.

Na gaya wa maketan unguwarmu, ya ce zai duba. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. Maketa aikinsa raba bil da tara kuɗi, kuma ko yana da kirki ba shi ke da ikon goge adadi daga asusu ba. Na taɓa bin wani har wata uku a kan irin wannan, kullum amsarsa ɗaya: "Alhaji, kada ka damu, ka dai kawo wani abu a wannan watan, za a gyara." Da na gaji na shiga ofis sai na tarar ko layi ɗaya ba a taɓa rubutawa a kan maganata ba. A wurinsu ban taɓa yin ƙorafi ba.

Kowane kamfani yana da sashen karɓar ƙorafin abokan hulɗa, can ake kai takarda. Ka kai kofi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo maka da shi, ko a ba ka lambar ƙorafi. Idan ta imel ka aika, adana amsar da ta dawo. Daga wannan kwanan watan ne ake fara ƙirga kwanakin aiki 15 da ƙa'ida ta ba kamfani ya warware ƙorafi. Kuma ko sisi kada ka ba wani a hannu da sunan zai rage maka bil. Ragin da bai fito a kan takardar wata mai zuwa ba, ba a yi shi ba.

Me zan rubuta a takardar?

Gajeriya ta fi. Sunan da ke kan asusu, lambar asusu, lambar mita, adireshi da lambar waya a sama. Sai magana kamar haka, mu koma kan telanmu:

"Ina ƙalubalantar bil-bil ɗin wata shida da aka kawo mini bayan 3 ga Maris, domin an yi su ne bisa ƙiyasi alhali ina da mita mai aiki. Karatun gaskiya na ƙarshe shi ne 14,210. Ranar 3 ga Satumba mitar ta nuna 15,050, wato yunit 840, amma an caje ni 1,920. Ina neman a turo ma'aikaci ya karanta mitar a gabana, a daidaita asusuna bisa karatun, a cire rarar yunit 1,080 tare da harajinta, a ba ni cikakken bayanin asusu da gyararren bil. Ina kuma neman kada a yanke mini wuta a kan adadin da ake jayayya a kansa."

Ofisoshin sun fi sabawa da takardar Turanci, don haka ba laifi ka sa wani ya juya maka ita, amma ka tabbatar lambobin ba su canza a hanya ba. Ka bar zagi da tarihin duk wahalar da ka sha tun zamanin NEPA. Mai karantawa lambobi yake nema da zai shigar a kwamfuta.

Ranar da aka zo karatun ka tsaya a wurin. Ka ga abin da aka rubuta da idonka, ka ɗauki hoton takardar ma'aikacin kusa da mitar.

Zan daina biya har sai an gyara?

Kada ka daina. Cikin haƙƙoƙin da NERC ta bayyana akwai cewa mai jayayya da bil ɗin ƙiyasi yana iya ƙin biyan adadin da yake ƙalubalanta, ya ci gaba da biyan daidai da bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba, har a gama bin matakan sasantawa. Mai mita yana da ma'auni mafi kyau ma: ya karanta mitarsa duk wata ya biya abin da ta nuna. Telanmu zai biya kuɗin yunit 140 ɗinsa, naira 9,030, ya adana rasit. Wanda ya daina biya gaba ɗaya ya ba da hujjar yanke masa wuta da hannunsa, kuma ko a gaban masu sasantawa ya raunana matsayinsa.

Idan masu tsani suka zo duk da haka, kada a yi hayaniya da su. A nuna musu kofin ƙorafi mai hatimi da rasit na watan. Idan sun yanke, a rubuta ranar, a ƙara shi cikin ƙorafi, domin doka ta ce sai an ba da sanarwa a rubuce kafin yankewa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne kiran wani mai gyara ya hau fal da dare ya mayar da wayar. Wannan laifi ne mai tara, kuma daga ranar maganar ta tashi daga kan bil ɗinka ta koma kan satar wuta.

Ni ba ni da mita ko kaɗan. Da me zan yi jayayya?

Da iyakar da hukuma ta sa. A watan Fabrairun 2020 NERC ta soke tsohon tsarin ƙiyasi na 2012, ta kafa iyakar yunit da za a iya cajin marasa mita. Hukumar tana wallafa wannan iyaka wata-wata a shafinta, kamfani-kamfani, bisa fidar da ke kai wuta unguwa, kuma ana fitar da ita ne daga abin da masu mita na wannan layin suke sha. Aikinka shi ne ka san sunan fidarka, wanda sau da yawa yana kan bil, ka nemo iyakar watan, ka gwada da yunit ɗin da aka caje ka. Duk abin da ya haura iyakar, shi za ka nema a cire, wata bayan wata, da lissafi irin na sama.

Ba magana ce ta takarda kawai ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya kimanin naira biliyan 10.5 saboda sun wuce wannan iyaka tsakanin Janairu da Satumbar 2023, ta kuma umarce su da su mayar wa waɗanda abin ya shafa rararsu ta hanyar ragi a asusunsu.

Sai dai a faɗi gaskiya, iyakar matsakaicin lissafi ce ta layi guda. Tsohuwar da ke da ƙwai biyu da rediyo za a iya cajinta ƙasa da iyaka kuma duk da haka an cuce ta. Irin wannan ba abin da zai raba ta da matsalar sai mita.

A duba rukuni kuma. Tun 2020 an kasa layuka gida biyar bisa awannin wutar da aka yi alkawari a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E 4. Farashin yunit yana bin rukuni, saboda haka wanda aka rubuta shi a rukunin da ba na fidarsa ba, ko yunit ɗinsa daidai ne kuɗinsa ba daidai ba ne.

Sun ce mitata ce ta lalace, shi ya sa suke kintace.

To a tabbatar. Kashe komai na gidan lokacin da akwai wuta ka ga ko tana ci gaba da ƙirga, sannan ka kunna abu mai jan wuta ka ga ko tana motsi. Wannan gwajin gida ne kawai. Gwajin da ake karɓa a hukumance na NEMSA ne, hukumar gwamnati mai duba ingancin kayan wuta, wadda ke da tashar gwajin mita a Kaduna. Kada ka buɗe mitar ko ka taɓa hatiminta, komai ƙanƙantar dalili. Idan ta tabbata ta lalace ba da hannunka ba, sauya ta nauyin kamfani ne, kuma kafin a sauya ana yin bil ne bisa matsakaicin abin da ka sha a wata ukun da suka gabata, ba adadin da wani ya ga dama ba.

Kwana 15 sun wuce shiru, ko amsar da aka ba ni ba ta gamsar da ni ba. Sai ina?

Sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, wanda ake kira Forum. Akwai shi a birane da dama, ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Sakkwato da Yola. Ba a biyan kuɗi, ba kuma sai da lauya ba. Za a ba ka fom ka cike, ka haɗa da kofin ƙorafinka na farko, a kira ku zama kai da wakilin kamfani. Abin da suke fara tambaya shi ne shaidar cewa ka fara kai kuka wurin kamfani, kuma a nan ne hatimin nan yake amfani. Wanda bai gamsu da hukuncinsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa hedikwatar hukumar a Abuja, kuma wa'adin yin hakan gajere ne, ba a jinkiri.

Tun bayan dokar wutar lantarki ta 2023 wasu jihohi sun karɓi ragamar sa ido a cikin iyakokinsu, kamar Kogi, Neja da Filato. Mazauna irin waɗannan jihohi hukumar jiharsu za su nufa a wannan mataki.

In an yarda an yi kuskure, kuɗina za a ba ni a hannu?

Galibi a'a, ragi ake shigarwa a asusu. Sai ka bi shi da ido a bil na gaba: gurbin Adjustment ya nuna adadin da aka cire, gurbin Arrears, wato bashin baya, kuma ya sauka da daidai wannan adadi. Ka duba cewa Present Reading ya koma kan lambar mitarka ta gaskiya, domin in an rage kuɗi aka bar tsohuwar lambar ƙarya a kwamfuta, wata mai zuwa lissafin zai sake karkacewa.

Za a sa mini mitar kati. Tsohon bashin ya mutu ke nan?

Bai mutu ba, biyo ka zai yi. Ana ɗora shi a kan sabon asusu, a riƙa cire wani abu duk lokacin da ka sayi kati, sai ka ga ka biya dubu biyar an ba ka wutar da ba ta kai ta dubu biyar ba. Shi ya sa ya fi kyau a daidaita lissafi kafin a cire tsohuwar mita. Ranar cirewa ka ɗauki hoton karatunta na ƙarshe, ka sa ma'aikacin ya rubuta shi a takardar da zai ba ka ya sa hannu, domin da zarar ta shiga mota ta tafi sito, samo ta a sake karantawa abu ne mai wuya.